Me Ya Sa Ake Yawan Cewa "E"? Yadda Tsarin Tambaya Ke Karkatar da Amsa

A shekarar 1974 wasu masana biyu da ke aiki da cibiyar binciken jin ra'ayi ta Jami'ar Michigan a Amurka, Howard Schuman da Stanley Presser, sun yi wani gwaji mai sauƙin gaske. Sun kasa mutanen da za a yi wa tambaya kashi-kashi ta hanyar ƙuri'a, don kada wani kashi ya bambanta da wani. An karanta wa kashi na farko wata magana mai cewa laifin yawaitar ɓarna da karya doka a ƙasar ya fi rataya a wuyan ɗaiɗaikun mutane, ba yanayin rayuwar da suka tsinci kansu a ciki ba. Aka ce, kun yarda ko ba ku yarda ba? Kusan kashi 60 cikin 100 suka ce sun yarda. Kashi na biyu aka juya musu maganar, aka ce yanayin rayuwa ne ya fi laifi, ba mutanen ba. Nan ma kusan kashi 57 cikin 100 suka ce sun yarda.

Lissafin ba ya ɗinkuwa. In da gaske mutum 60 cikin 100 ne ke ɗora wa mutane laifin, to bai kamata a sami fiye da 40 da za su ɗora wa yanayin rayuwa ba. Ga shi an sami 57. Ashe akwai jama'a masu yawa da ba ra'ayinsu suka faɗa ba, abin da aka karanta musu kawai suka amsa. Da aka sake tsara tambayar, aka ajiye ra'ayoyin biyu gaban mutum aka ce ya zaɓi ɗaya, masu ɗora wa mutane laifi suka sauko zuwa wajen kashi 46.

Wannan ita ce ta farko cikin cututtuka biyu da ke addabar duk wani bincike da ya dogara ga bakin mutane. Bahaushe yana da sunanta tun kafin masana su raɗa mata nasu: amshin Shata. Mai tambaya ya bayar, mai amsa ya karɓa. Ta biyun kuwa ana iya kiranta amsar fita kunya, wato mutum ya faɗi abin da zai sa a gan shi da mutunci, ba abin da ya auku ba. Sau da yawa dukansu "e" suke haifarwa, shi ya sa ake cakuɗa su. Amma asalinsu daban, maganinsu ma daban, kuma wanda ya magance ɗaya ya bar ɗaya bai gama aiki ba.

Daga ina amshin ke fitowa

Abu na farko shi ne ladabi. A kusan kowace al'umma, musa wa baƙo magana yana da nauyi. A shekarar 1960 Gerhard Lenski da John Leggett sun wallafa abin da suka gano a birnin Detroit. Sun cusa maganganu biyu masu karo da juna cikin hira ɗaya, nesa da juna: ɗaya na cewa yadda gobe ta yi duhu bai dace a haifi yara ba, ɗaya kuma na cewa yaran da ake haifa yau gobensu mai kyau ce. An sami waɗanda suka yarda da duka biyun, kuma sun fi yawa cikin masu ƙarancin ilimin boko da baƙaƙen fata, mutanen da ke ganin mai tambayar ya fi su matsayi. Marubutan sun fassara hakan da girmamawa: na ƙasa ba ya son ja da na sama.

Wanda ya san zaman ƙasar Hausa ba zai yi mamaki ba. Jami'i ya zo da riga mai tambari da na'ura a hannu, ɗan saƙon mai unguwa na biye da shi, an shimfiɗa masa tabarma a zaure, an kawo masa ruwa. Ya karanta magana da muryar wanda ya san abin da yake faɗa, sannan ya ce, "Baba, haka ne ko?" Me ake jira dattijon ya ce in ba "Haka ne, yaro" ba? Bai yi ƙarya ba a ganinsa. Baƙo ya karrama.

Abu na biyu gajiya ce. Jon Krosnick, masanin da ya shafe shekaru yana nazarin wannan al'amari, ya yi bayani a 1991 cewa amsa tambaya da gaske aiki ne mai matakai: mutum ya fahimci abin da ake nufi, ya laluba cikin ƙwaƙwalwarsa, ya auna, sannan ya zaɓi amsar da ta dace. Idan hira ta yi tsawo, ko tambayar ta yi wuya, ko batun bai dame shi ba, sai ya taƙaita. Yakan fara da neman dalilan da za su sa maganar ta zama gaskiya, ya samu ɗaya ko biyu, ya tsaya nan, bai kai ga dalilan da za su rushe ta ba. Kusan kowace magana kuwa akwai ta inda take da ƙamshin gaskiya. Da Krosnick ya tattara gwaje-gwaje da dama irin na Schuman da Presser, ya ƙiyasta cewa amshi na ƙara wa "na yarda" wajen kashi 10 cikin 100. Wannan ya isa ya mai da marasa rinjaye masu rinjaye.

Ɓarnar ba ta tsaya ga kumbura adadi ba. Tunda amshin ya fi yawa wurin wasu mutane fiye da wasu, yana iya ƙirƙiro bambancin da babu shi. Rahoto zai fito yana cewa mutanen karkara sun fi na birni goyon bayan kaza, ko waɗanda ba su yi boko ba sun fi yarda da kaza, alhali abin da aka auna kawai shi ne wa ya fi kawaici gaban baƙo.

Maganinsa: a daina ba mutum magana ya amsa

Gyaran da ya fi inganci shi ne a cire "ka yarda ko ba ka yarda ba" gaba ɗaya. Cibiyar Pew ta Amurka ta gwada haka a 1999. Da aka ce wa mutane hanya mafi kyau ta tabbatar da zaman lafiya ita ce ƙarfin soja, kashi 55 suka yarda, 42 suka ƙi. Da aka ba wasu zaɓi tsakanin ƙarfin soja da kyakkyawar diflomasiyya, kashi 33 kacal suka ɗauki ƙarfin soja, 55 suka ɗauki diflomasiyya. Jama'a ɗaya, lokaci ɗaya, sakamako ya kife.

Afrobarometer, wadda tun 1999 take jin ra'ayin jama'a a ƙasashen Afirka, ciki har da Najeriya da Nijar da Gana, tana yawan bin wannan tsari. Ana karanta magana ta ɗaya, a karanta ta biyu, kowace da hujjarta, sannan a ce wace ce ta fi kusa da ra'ayinka. Ko wace mutum ya ɗauka ya yarda da wani abu da mai tambaya ya faɗa, saboda haka ladabi ba shi da gefen da zai karkata. Sharaɗin shi ne a yi wa ɓangarorin biyu adalci. In aka ƙawata ɗaya da kalmomi masu daɗi aka bar ɗaya tsirara, an koma gidan jiya.

Ba ra'ayin siyasa kaɗai wannan ya shafa ba. Asibitin da ke son sanin ko marasa lafiya sun gamsu yakan rubuta, "Ma'aikata sun karɓe ni da mutunci: na yarda, ban yarda ba." Mafi kyau a tambaya kai tsaye: "Yaya ma'aikata suka karɓe ki? Da mutunci sosai, da mutunci daidai gwargwado, babu yabo babu fallasa, ko da wulaƙanci?" Amsoshin suna fitowa daga cikin abin da ake aunawa, kuma kalmar wulaƙanci ta fito daga bakin mai tambaya, don haka mai amsa ba ita ta fara furta ta ba. Wani nazari da Willem Saris da abokan aikinsa, har da Krosnick, suka wallafa a 2010 kan bayanan ƙasashen Turai ya nuna cewa tambayoyi masu irin wannan tsari sun fi na "na yarda" inganci.

Akwai wata tsohuwar dabara da har yanzu ake koya wa ɗalibai, wadda ya kamata a yi hattara da ita. Ana cewa a rubuta rabin maganganun ta fuska ɗaya, rabi ta kishiyar fuska, don amshin ya kashe kansa wajen haɗa maki. Tana da amfani wajen gano mai amshi, domin duk wanda ya yarda da abu da kishiyarsa ya tona kansa. Sai dai mafi yawan masu rubutu, in za su juya magana, "ba" kawai suke liƙa mata, kuma a Hausa wannan tarko ne. In aka ce wa mace, "Ba ki kai shi rigakafi ba?" ta ce "E", nufinta e, ba ta kai shi ba. Jami'in da ya koyi aikin da takardar Turanci yana iya danna gurbin da ke nufin ta kai. In dole ne a juya magana, a nemo kalmar kishiya a gina sabuwar jimla: "ruwan unguwarmu yana da tsabta" a wuri ɗaya, "ruwan unguwarmu gurɓatacce ne" a wani wurin.

Cuta ta biyu

A 1949 an yi wani bincike a birnin Denver wanda Hugh Parry da Helen Crossley suka wallafa a shekara mai bi mata. Sun tambayi mutane abubuwan da akwai rajistarsu a ofisoshi, sannan suka je suka duba. Kan abubuwan da ba ruwansu da mutunci sosai, kamar ko akwai tarho a gidan, kusan kowa ya faɗi daidai. Amma da aka zo kan jefa ƙuri'a, da mallakar katin laburare, da ba da gudummawa ga asusun taimakon al'umma na birnin, sai amsoshi suka kumbura. Kusan mutum ɗaya cikin uku ya ce ya ba da gudummawar alhali ba sunansa a rajista.

A nan juya tambaya ba ya canja komai. Ko an ce "ka bayar?", ko an ce "ka bayar ko ba ka bayar ba?", amsar tana gangarawa gefe ɗaya ne, gefen da jama'a ke yabo. Wannan ita ce hanyar rarrabe cututtukan biyu. Amshi yana bin bakin mai tambaya duk inda ya juya. Amsar fita kunya tana bin abin da ake ganin ya dace, ko da kuwa za ta ce "a'a": tambayi mutum ko ya taɓa karɓar kuɗin ƙuri'a ka ji.

Ibada na cikin wuraren da abin ya fi fitowa. A can baya, shekara da shekaru kimanin kashi 40 cikin 100 na Amurkawa sun riƙa cewa sun je coci a makon da ya wuce. A 1993 Kirk Hadaway da Penny Marler da Mark Chaves suka bi ta wata hanyar, suka ƙirga kawunan da ke cikin majami'u, suka tarar adadin bai wuce kusan rabin wancan ba. Philip Brenner kuma ya duba bayanan Pakistan da Falasɗinu da Turkiyya a wani nazari na 2014, ya kwatanta abin da mutane ke faɗa in an tambaye su kan salla kai tsaye da abin da ke fitowa in an ce su zayyana yadda suka yi yininsu sa'a bayan sa'a. Tambayar kai tsaye ta fi ba da adadi mai yawa. Fassarar da Brenner ya yi wa wannan ta cancanci a tsaya a kanta: mutum yakan ji tambayar a matsayin "kai wane irin mutum ne?", sai ya amsa da yadda yake ganin kansa da yadda yake fatan zama. Yawanci ba yaudara ba ce da gangan. Shi ya sa tsawata wa mutane da "don Allah a faɗi gaskiya" ba ya kai ko'ina. Abin da ke aiki shi ne a sauke nauyin da ke kan amsar gaskiya.

Binciken zaɓe na ƙasa a Amurka ya daɗe yana fama da masu cewa sun yi zaɓe alhali ba su yi ba. Yana buɗe tambayar da cewa mutane da yawa ba su samu yin zaɓe ba don ba su yi rajista ba, ko ba su da lafiya, ko ba su sami lokaci ba. Daga baya aka ƙara wani gyara da ya fi wannan tasiri: maimakon e ko a'a, sai aka ba da amsoshi huɗu. Ban yi zaɓe ba. Na yi niyya amma ban yi ba. Na saba yi amma wannan karon ban yi ba. Na tabbata na yi. Uku cikin huɗun duk "ban yi ba" ne, amma biyu daga cikinsu sun bar wa mutum mutuncinsa na ɗan ƙasa nagari. Gwaje-gwaje sun nuna ƙarin gishirin ya ragu, ko da yake bai ƙare ba. A Najeriya, inda waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ba su wuce kusan kashi 27 cikin 100 na masu rajista ba, duk binciken da ya tambayi "ka yi zaɓe?" tsirara ya kamata a karɓi sakamakonsa da taka-tsantsan.

Gidan sauro, mataki-mataki

A ɗauka wata hukumar lafiya ta raba gidan sauro a wata ƙaramar hukuma, bayan wata shida tana son sanin ko ana kwana a ciki. Daftarin farko da ake yawan gani shi ne: "Kin yarda cewa yana da muhimmanci yara su riƙa kwana cikin gidan sauro kullum?" sannan "Yaranki suna kwana cikin gidan sauro, ko?" Cututtukan biyu sun haɗu a nan. Ta farko magana ce da aka miƙa don a amsa, kuma babu uwar da za ta ce lafiyar ɗanta ba ta da muhimmanci. Ta biyu ta riga ta faɗi amsar da ake so. In kuma mai tambayar na sanye da rigar hukumar da ta raba gidan sauron, to an tambayi wadda aka yi wa kyauta ko ta ji daɗin kyautar.

Gyara na farko shi ne a bar ɗabi'a a koma ga aukuwa guda. "Kullum" da "yawanci" kalmomi ne da ke gayyatar mutum ya siffanta halinsa. "Daren jiya" kuwa dare ɗaya ne, ana iya tuna shi, kuma rashin yin abu a dare ɗaya ba abin kunya ba ne. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2010 da 2015 da 2021 haka yake bi: a tambayi gidan sauro nawa ne a gidan, a nemi izinin ganin kowanne, sannan a ce akwai wanda ya kwana cikin wannan daren jiya, in akwai wane ne.

A aikace zai kasance kamar haka. Jami'a, mace, ta shiga cikin gida ta gaisa, ta ce, "Inna, gidan sauro nawa kuke da su a gidan nan?" Aka ce uku. "Ko zan iya ganinsu?" Ɗaya na rataye a ɗakin uwargida. Ɗaya na naɗe a kan igiya. Na uku yana ƙarƙashin katifa cikin ledarsa, ba a ko ɓare shi ba. Ta nuna na farko ta ce, "Wannan fa, daren jiya wa da wa suka kwana a ciki?" Sai a ambaci sunaye, ta duba su a jerin mutanen gidan da ta riga ta rubuta tun farkon hira. Yaron da sunansa bai fito ƙarƙashin kowane gidan sauro ba, an san bai kwana a ciki ba, kuma ba a tilasta wa uwarsa ta furta "ban sa shi ba" da bakinta ba.

Gyara na biyu ya shafi dalili. "Me ya sa ba ku yi amfani da shi ba?" tuhuma ce. Gara a ce, "Inna, a gidaje da yawa akan sami dare da ba a shiga gidan sauro ba, wani don zafi, wani don ya yage, wani don ba sauro a lokacin, wani don a waje aka kwana. Wannan na kan igiya fa, yaya aka yi daren jiya?" Sai ka ji an ce, "Wallahi 'yata, zafin nan ne, a tsakar gida muka kwana." Wannan amsa ta fi dubun "e" amfani ga hukumar, domin ta nuna mata matsalar wurin ratayawa ce a tsakar gida lokacin bazara, ba rashin wayar da kai ba.

Sai dai wannan share fage yana da iyaka, kuma masana sun sha samun sakamako mai karo da juna a kansa: wani lokaci yana taimakawa, wani lokaci ba ya canja komai. In aka cika shi kuma yakan zama jan baki ta ɗaya gefen, mutum ya ɗauki uzurin farko da aka ambata don shi ya fi kusa. Ganin ido ya fi shi ƙarfi. Dalilin ke nan da masu binciken rigakafi ke neman katin yaro kafin su dogara ga tunawar uwa, masu sa ido kan rigakafin shan inna kuma suke duba alamar tawada a ɗan yatsa.

Wa ke tambaya, wa ke saurare

Kalmomi masu kyau na iya lalacewa a bakin wanda bai dace ba. Claire Adida da abokan aikinta sun nazarci bayanan Afrobarometer na ƙasashe 14 a wani aiki na 2016, suka ga amsoshi kan wasu batutuwa na canjawa gwargwadon ko mai tambaya ɗan ƙabilar mai amsa ne ko a'a. A Masar, Lisa Blaydes da Rachel Gillum sun nuna a 2013 cewa abin da mata ke faɗa game da riƙon addininsu yana motsawa in mai tambayar ta sa hijabi ko ba ta sa ba. Afrobarometer ma takan rufe hirarta da tambayar wa mutum yake zaton ya aiko masu binciken, kuma mutane da dama kan ce gwamnati, duk da an gaya musu tun farko cewa ba ita ba ce.

Haka ma wanda ke zaune a gefe. Tambayar tazarar haihuwa gaban kishiya ko uwar miji, ko tambayar abin da aka samu a gona gaban maƙwabci, an riga an san amsarta. Inda mutane ke iya karatu, ba su na'ura su danna da kansu yana rage kunya ƙwarai. Frauke Kreuter da Presser da Roger Tourangeau sun gwada haka da tsofaffin ɗaliban Jami'ar Maryland a aikin da suka wallafa a 2008: da aka gwama amsoshi da rajistar jami'a, waɗanda suka amsa ta intanet sun fi waɗanda mutum ya kira a tarho amincewa cewa sun taɓa samun mummunan maki. Inda ba a iya karatu, akwai hanyar sa wa mutum abin saurare a kunne, murya ta karanta masa da harshensa, shi kuma ya taɓa launi ko hoto.

In abin ya wuce kunya ya kai tsoro

Akwai tambayoyin da babu lafazin da zai sauƙaƙa su. A nan ake amfani da dabarun da ke sa ko mai tambayar kansa bai san amsar mutum ɗaya ba. Bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2008 a Nikaraguwa, Ezequiel González-Ocantos da abokansa sun tambayi mutane kai tsaye ko wani ya ba su kyauta ko alfarma don ƙuri'arsu. Kusan kashi 2 suka amsa. Sai suka bi ta hanyar jeri. Rabin mutane aka karanta musu abubuwa huɗu da 'yan siyasa kan yi lokacin kamfe, kamar liƙa fosta da ziyartar gida, aka ce kada su faɗi waɗanne, su faɗi guda nawa kawai suka gani. Ɗaya rabin aka ƙara musu na biyar, wato kyautar. Bambancin matsakaicin adadin rukunin biyu shi ne yawan waɗanda aka ba kyauta. Alal misali, in matsakaicin rukunin farko 2.0 ne, na biyu kuma 2.2, to kashi 20 ke nan. A Nikaraguwa lissafin ya ba da kashi 24.

Wata dabarar, wadda Stanley Warner ya fara kawowa a 1965, an gwada wani nau'inta a kudancin Najeriya. Graeme Blair da abokan aikinsa sun so sanin yawan fararen hula da ke da alaƙa da 'yan bindigar yankin. Aka ba kowa ƙwayar lido mai fuska shida ya jefa a ɓoye. Lamba ɗaya ta tilasta masa cewa "e", wata ta tilasta masa cewa "a'a", sauran huɗun ya faɗi gaskiya. Ba wanda zai iya kama shi da "e" ɗinsa. Lissafin kuwa a fili yake: cikin mutum 600, wajen 100 ƙwaya ce ta sa su cewa "e", 100 ta sa su cewa "a'a", 400 suka faɗi gaskiya. In aka sami "e" 200, a cire 100, saura 100 cikin 400, kashi 25 ke nan. Sakamakon da suka wallafa a 2015 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin huɗu.

Waɗannan dabaru ba sa zuwa kyauta. Suna buƙatar mutane masu yawa ƙwarai kafin adadin ya tsaya da ƙafarsa, domin an shigar da hayaniya cikin lissafi da gangan. Mutane kan rikice, wasu kuma ko ƙwaya ta ce su ce "e" ba za su furta ba. Allyson Holbrook da Krosnick sun gwada irin wannan dabara kan jefa ƙuri'a a Amurka, a wasu gwaje-gwajen lissafi ya ba su adadin da ya haura kashi 100, alamar cewa ba a bi ƙa'idar ba. A garuruwanmu kuma akwai wanda da ganin ƙwayar lido zai ce caca ce ya janye hannunsa. Amfani da su kan batun da gyaran lafazi zai wadatar ɓarnar kuɗi ce da lokaci.

Hanyar sanin ko takardar tambayoyi na ɗauke da ɗaya daga cikin cututtukan ba ta da tsada, kuma ita ce dai ta Schuman da Presser. Kafin a fita babban aiki, a buga takardar iri biyu, a raba su ta ƙuri'a tsakanin mutanen gwaji. Don gano amshi, a juya muhimman maganganu a takarda ta biyu, a haɗa kason "na yarda" na biyun. Abin da ya haura 100 shi ne amshin. Don gano amsar fita kunya, a zaɓi tambaya ɗaya ko biyu da ake iya tantancewa da kati, ko rajista, ko ganin ido, a gwama abin da aka faɗa da abin da aka gani. A kuma jera sakamakon kowane jami'i daban: in na wani "e" ɗinsa ya yi wa na sauran fintinkau, sai a bi shi hira guda a ji ko yana rufe kowace tambaya da "ko ba haka ba?"